Fayil ɗin .env ko HashiCorp Vault: ina za a ajiye kalmar sirri?

Ana yawan tambayata inda ya dace a ajiye kalmar sirrin rumbun bayanai da makullin API, idan manhajar rahoto tana tashi da kanta cikin dare.

Fayil ɗin `.env`, wato ɗan fayil ɗin rubutu da manhaja ke karanta saitunanta daga ciki, kyauta ne, ba wahala: a sa sunansa cikin `.gitignore` don kada ya shiga Git, ma'ajiyar tarihin lambar manhaja, a yi masa `chmod 600` don mai shi kaɗai ya iya buɗe shi. Sai dai sirrin a fili yake kwance. Ya shiga Git sau ɗaya, goge shi ba ya wadatarwa, domin tarihi ya riƙe. Dole a canza makullin.

Vault kuwa, tsarin da aka gina don adana sirri, yana iya ba manhajar kalmar sirri ta wucin gadi, ya kuma rubuta wanda ya karɓa. Amma yana buƙatar kulawa, kuma ranar da ya tsaya, rahoto ba zai fita ba.

Mai manhaja ɗaya a kwamfuta ɗaya, `.env` ya ishe shi. Ma'aikatar da mutane da yawa ke taɓa rumbun, Vault ya fi mata.