Kafin ka biya kuɗin FRM: abin da ya kamata ya hau takardar shirinka

Yawancin takardun shirin ci gaba da matasanmu ma'aikatan kantar banki suke nuna min, a Jidda ko a Makka, layi ɗaya suke fara wa: cin jarabawar FRM, wato ta shaidar ƙwarewa a kula da haɗarin kuɗi, cikin shekara ɗaya, sannan komawa sashen kula da haɗari. Shafi ɗaya ba ya ɗaukar sayayya biyu, albashin ƙaramin ma'aikaci ma haka. Don haka kafin ka rubuta sunan wata takardar shaida, duba ko wace ƙofa take buɗewa, kuma ko daga inda kake tsaye za ka iya kaiwa ga ƙofar.

Sashen haɗari a banki ba ɗaki ɗaya ba ne. Akwai masu duba haɗarin bashi, akwai masu lissafin haɗarin kasuwa, akwai masu bin haɗarin aiki, wato asarar da ke zuwa ta kuskuren mutum, lalacewar na'ura, tsarin aiki mai ɓaraka, ko zamba daga waje. Kashiya yana cikin wannan na ƙarshen tun safe har a rufe reshe. Gibin da ke fitowa a akwatinsa da yamma, cekin da sa hannunsa bai yi daidai ba, abokin aikin da ya ari lambar sirrin wani don a rage layi, duk kayan aikin wancan sashen ne. Wannan ce ƙofar da ta fi kusa da kai.

FRM, wadda ƙungiyar GARP ke bayarwa, ita ce mai suna, kuma ta cancanci sunan. Kashi biyu ce. Na farko tambayoyi 100 cikin awa huɗu, na biyu tambayoyi 80 cikin awa huɗu, duka da Turanci, ana zama a Mayu, Agusta da Nuwamba. Kuɗin shiga dala 400 ne, ana biya sau ɗaya, kowane kashi kuma dala 600 ga wanda ya yi rajista da wuri, 800 ga wanda ya makara. Farashin yana iya motsawa, ka duba shafinsu ranar da za ka biya. A canjin riyal 3.75 kan dala, kashin farko kaɗai ya ci riyal 3,750, ba a sa kuɗin malami ba. Abin da mutane ke tsallakewa shi ne, ko ka ci kashi biyun, ba za ka sa FRM a bayan sunanka ba sai ka nuna shekara biyu kana aikin da ya shafi haɗari. Ƙirgar kuɗi a kanta da wuya a karɓe ta a matsayin haka. Ga kuma lissafi, ilimin ƙididdiga da farashin takardun bashi sun cika kashin farko. Masu zama jarabawar kan ba shi awa 200 zuwa 240 na karatu. Wanda zai iya ware awa shida a mako yana buƙatar mako 40, kuma duk wanda ya yi aikin reshe a Makka ya san azumi da lokacin Hajji ba sa cikin lissafi.

Jarabawowin Makarantar Harkokin Kuɗi da ke Riyad ba su da wannan kwarjini, amma su ne manajanka ya sani, kuma ana iya zamansu da Larabci. Akwai ta tushen aikin banki na ɗaiɗaikun mutane, akwai ta mai ba da shawara kan bashi. Ta biyun ita ce ta wanda yake hangen haɗarin bashi, domin a nan zai zauna da ƙa'idojin ba da bashi na SAMA, babban bankin Saudiyya, irin wadda ta hana a cire wa ma'aikaci fiye da kashi ɗaya cikin uku na albashinsa, ɗan fansho kuma kashi ɗaya cikin huɗu, ya kuma iya karanta rahoton SIMAH, kamfanin da ke ajiye tarihin bashin mutane. Sau da yawa bankin ne ma yake tura ma'aikatansa. Ka tambaya kafin ka taɓa aljihunka.

Tsakanin waɗannan akwai APRM ta ƙungiyar PRMIA, jarabawa ɗaya ce, lissafinta da sauƙi, tana zagaya duk nau'o'in haɗari. Lahaninta ɗaya: ba kowane mai ɗaukar aiki ya san ta ba. CAMS kuwa, mai tambayoyi 120 kuma ana samunta da Larabci, ta yaƙi da halasta kuɗin haram ce. Takarda ce mai daraja, amma sashen bin ƙa'ida take kai mutum, wanda maƙwabcin sashen haɗari ne kawai. Kada ka saye ta don ka ji tana tashe.

Wanda yake ɗan ƙasa ya duba jerin takardun da asusun Hadaf na gwamnati, mai tallafa wa horar da ma'aikata, ke mayar da kuɗinsu bayan an ci jarabawa. Mai iƙama ba ya cikin wannan tallafi, kuma kujerun banki yawanci na 'yan ƙasa ne, don haka shi takardar da za ta bi shi ko'ina, Kano ko Yamai, ta fi masa amfani. A wurinsa FRM tana iya hawa gaba.

Mu ɗauki kashiya mai shekara ɗaya da rabi a wani reshe a Jidda, Turancinsa na karatu ne, rabonsa da lissafi tun jami'a. A saman shafinsa ba zai rubuta yana son zama manajan haɗari ba. Zai rubuta: ƙaramin jami'in haɗarin aiki, cikin wata 18. Ƙarƙashin wannan, gibi uku kawai, waɗanda ya ciro daga sanarwar guraben aiki ta cikin bankin, ba daga kansa ba: Excel har zuwa PivotTable, rubuta rahoton ɓarna da Turanci, da sanin yadda reshe ke auna haɗarinsa da kansa. Sai layin sayayya guda ɗaya, da kuɗinsa, da watan jarabawa, da sunan mai biya. Ni a nan jarabawar Riyad zan sa masa a wata shidan farko, APRM ta biyo baya, FRM kuma ta sauka can ƙasan shafi da sharaɗi: sai ranar da ya shiga sashen, lokacin da shekara biyun za su fara ƙirguwa.

Layin da ya fi duka nauyi ba a saye shi. Ya nemi izinin manaja ya riƙe rajistar gibin akwati na wata uku: rana, awa, adadi, dalili. A ce an samu gibi sau 14, tara daga ciki sun faɗo a kwanakin albashi, wajen 27 ga wata, bayan azahar. Yanzu yana da magana a bakinsa. Zai iya cewa, "Ranka ya daɗe, mu riƙa ƙirga akwati da tsakar rana a waɗannan kwanaki," a gwada, a sake aunawa bayan wata uku. Wannan shi ne ainihin aikin da ake yi a sashen haɗari, kuma shi za a tambaye shi ranar ganawa. Sharaɗi dai, sunan abokin ciniki ko lambar asusu ba sa shiga rajistar, kuma fayil ɗin ba ya barin kwamfutar banki zuwa wayarsa, in ba haka ba shi ne zai zama labari a rahoton ɓarna na gaba.

Fom ɗin da za a rubuta a kai bai cancanci dogon tunani ba. In sashen ma'aikata yana da nasa, shi za ka cika, don shi ake buɗewa lokacin tantance aiki. A ƙasa ka bar gurin sa hannun manaja da ranar da za ku sake zama, kada ta wuce wata uku. In ranar ta zo rajistar ba ta cika rabi ba, ɗage jarabawar tukuna, ka gama rajistar.