Sharhi: intanet ɗin gida mai gudu, amma wani shafi ya ƙi buɗewa sai da datar waya

Wata huɗu ke nan da aka jona min intanet na kebul mai shiga gida, da rautar da kamfanin ya kawo, wato na'urar da ke rarraba waifai. Ta fuskar gudu ba ni da ƙorafi. Inda gizo ke saƙar shi ne wani shafi guda da ya daina buɗewa a kan waifai ɗin gida, amma da zarar an koma datar waya sai ya buɗo nan take.

Abin da ke fara zuwa zuciya shi ne kamfanin ya toshe shafin. Ana yin hakan, kamar yadda aka rufe Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, sai dai irin wannan umarni yakan hau kan manyan layuka gaba ɗaya, har da na waya. Idan layi ɗaya ne kawai ya ƙi, gara a fara duba DNS, wato tsarin da ke mayar da sunan shafi zuwa lambar adireshinsa. Daga kwamfuta mai Windows da ke kan waifai ɗin, a tambayi DNS biyu suna ɗaya (a sa sunan shafin a gurbin example.com):

```
nslookup example.com
nslookup example.com 1.1.1.1
```

Layin farko yana tambayar rauta, ita kuma ta tambayi kamfani. Na biyu yana tsallake su zuwa DNS ɗin kamfanin Cloudflare. A nan amsoshin sun bambanta: rauta ta ba da lamba ɗaya, Cloudflare ta ba da wata, kuma ta Cloudflare ce ta dace da wadda aka samu da aka jona kwamfutar da datar waya. Bambancin lamba shi kaɗai ba hujja ba ne, don manyan shafuka na da adireshi da yawa. Abin da ya tabbatar da zargin shi ne lambar da rauta ta bayar ba ta amsawa sam, burauza na juyawa har ta rubuta `ERR_CONNECTION_TIMED_OUT`. Masu shafin sun koma sabuwar saba, mu kuma ana ta aika mu tsohon gida.

Kowace amsar DNS tana zuwa da wa'adinta a daƙiƙoƙi, wanda ake kira TTL. Idan 3600 ne, bayan awa ɗaya ya kamata a jefar da ita a sake tambaya. A nan kwana biyu aka yi ana ba da tsohuwar. An gwada `ipconfig /flushdns`, bai yi komai ba, domin ajiyar kwamfuta kaɗai yake sharewa. An kashe rauta an kunna, shiru. Ke nan tsohuwar amsar tana can wurin kamfanin.

Maganin bai kai minti biyar ba: a saitin waifai na kwamfutar aka sa 1.1.1.1 da 8.8.8.8 a matsayin DNS, aka sake share ajiya, shafi ya buɗe. Da an yi wannan a rauta, da duk na'urorin gidan sun warke lokaci guda, amma da aka shiga saitinta a 192.168.1.1 sai aka tarar an kulle gurbin DNS, ba ya canzuwa. Wannan ne babban aibin da na ga kamfanin, don dole a bi kowace waya da kwamfuta ɗaya bayan ɗaya. A Android akwai sauƙi, sai a rubuta `dns.google` a gurbin Private DNS.

Da a ce lambobin sun zo daidai amma shafin ya ƙi, sai a duba hanya da `tracert example.com`. Taurari a layi ɗaya ko biyu a tsakiya ba matsala ba ne, wasu na'urori ba sa amsawa ne kawai. Idan kuwa ya mutu a wuri guda a waifai alhali yana kaiwa ƙarshe a data, hanyar ce ta lalace, kuma canza DNS ba zai gyara ta ba. Tacewa da gangan takan nuna kanta daban: ko shafin gargaɗi, ko `ERR_CONNECTION_RESET` cikin ƙiftawar ido. VPN kuwa yana tsallake duka ukun, shi ya sa buɗewar shafi da shi ba ta gaya maka wanne ne ke damunka.

Masu amsa kiran kwastomomi sun yi ladabi, amma sau biyu "kashe ka kunna" ce amsarsu. Sai da aka tura musu hoton sakamakon nslookup ɗin nan biyu kafin aka miƙa batun ga injiniya, washegari kuma nasu DNS ɗin ya fara ba da sabuwar lambar. Zan ci gaba da biyan kuɗin wata saboda gudun, amma ban mayar da na'urorina kan DNS ɗinsu ba, kuma gurbin rautar har yanzu a kulle yake.