Hugo ko Django: wanne ya dace da shafin kamfani mai tarin rubuce-rubuce?

Masu gina shafukan kamfanoni sun sha yi mini wannan tambayar a kan waɗannan manhajoji biyu na gina shafin intanet, amsar kuwa tana ga yadda kowanne yake haɗa shafi.

Hugo yana karanta rubutun Markdown, wato rubutu mai 'yan alamomin tsari masu sauƙi, ya mayar da shi HTML, harshen da ake rubuta shafukan intanet da shi, tun kafin kowa ya leƙo. Maziyarci shiryayyen fayil yake karɓa, don haka shafi yana buɗewa da sauri, kuɗin ajiya kaɗan ne, babu kuma rumbun bayanai da ɓarayin intanet za su fasa. Django kuwa sai an nemi shafi yake ɗebo bayanai daga rumbu irin PostgreSQL ya haɗa shi nan take. Ka ga dole a biya kuɗin sabar, wato kwamfutar da ke yin wannan aiki, a kuma sami mai toshe kafofin tsaro a kai a kai.

Amma inda gizo ke saƙar shi ne wajen gyara, kuma nan nake so a fi lura. A ce kamfani yana da maƙala 5,000 da marubuta goma, aka ga kuskure a farashi. A Hugo sai an gyara fayil, a tura ta Git, wato manhajar da ke adana sauye-sauyen fayiloli, a sake gina shafin kafin gyaran ya bayyana. Ginin ba ya daɗewa, sai dai marubucin da bai iya Git ba kullum yana jiran injiniya. A Django, musamman idan an ɗora masa Wagtail, manhajar da ke ba editoci wurin gyara rubutu, edita zai shiga ya gyara ya wallafa da kansa.

Kamfanin da bayanansa ba sa yawan sauyawa, kowa kuma abu ɗaya yake gani, Hugo ya ishe shi. Mai editoci da yawa, ko abokan ciniki masu shiga da kalmar sirri, ya ɗauki Django, ya ware kuɗin mai kula da sabar.