Gilashin 10x na duba agogo: abin da ya nuna min a jikin wani Seiko SKX007

Gilashin da nake magana a kai shi ne ɗan ƙaramin nan da masu gyaran agogo ke kaiwa dab da ido, wanda ake naɗe shi ya shige gidansa na ƙarfe. A jikin nawa an rubuta 10x da TRIPLET, wato yana ƙara girman abu sau goma, kuma gilasai uku aka manne wuri guda don kada layi ya karkace ko launi ya watse a gefe. Yana da 'yar fitila a bakinsa. Na saye shi ne saboda ina yawan sayen agogon hannu da aka riga aka ɗaura, kuma hoton waya ba ya isa a rarrabe na asali da jabu.

Kafin a ga amfaninsa sai an iya riƙe shi. Gilashin sau goma yana kama abu ne a tazarar kusan santimita 2.5, saboda haka ba a miƙa hannu nesa a leƙa. Za ka kawo shi dab da ido, sannan ka ɗago agogon zuwa gare shi har rubutu ya fito tas, ka jingina hannu da hannu don kada su yi rawa. Fitilar jikinsa kuwa ba ta burge ni ba. Tana da kyau wajen leƙa zanen da ke jikin ƙarfe, amma da ka haska ta a kan gilashin agogo sai hasken ya dawo maka ido, ya rufe abin da kake nema. Hasken taga daga gefe ya fi ta aiki nesa ba kusa ba. Masu 30x da ake ta talla ban ga dalilinsu ba a wannan aiki, don harafi biyu ko uku kawai za ka gani a lokaci guda, kuma da ka yi numfashi hoton ya dushe.

Agogon da ya gwada min gilashin sosai shi ne wani Seiko SKX007 da aka kawo min a matsayin na asali, wai ba a taɓa buɗe shi ba. Wannan samfuri na masu ninƙaya ne, ya fito a 1996, aka daina yin sa wajen 2019, kuma tun daga lokacin jabunsa da kayan gyaransa na kwaikwayo suka cika kasuwa. Abin da ya sa ya dace da misali shi ne Seiko na rubuta bayanin agogo a fili, a fuska da a baya, don haka akwai abin da za a gwama da wani.

Na fara da murfin baya, don sunan da ke fuska shi ya fi saukin ƙarya. A tsakiyar murfin akwai tambarin igiyar teku da Seiko ke sa wa agogonsa na ninƙaya, a kewayensa kuma rubutu. Lambar da ake nema ita ce 7S26-0020. Rabin farko sunan inji ne, rabi na biyu lambar gidan agogon. Ko da fuska ta goge gaba ɗaya, wannan lamba kaɗai ta isa ta gaya maka kamfani da dangin samfurin. Sai lambar siriyal mai gurbi shida. Gurbin farko shi ne adadin ƙarshe na shekarar da aka ƙera shi, na biyu kuma wata: 1 zuwa 9 daga Janairu zuwa Satumba, sai O, N da D na Oktoba, Nuwamba da Disamba. Ta wannan agogon ta fara da 3N, wato Nuwamban shekarar da ta ƙare da 3. Tunda samfurin bai fito ba sai 1996, ko dai 2003 ce ko 2013. Da na ga wani harafi daban a gurbi na biyu, irin su A ko K, da nan take na ajiye shi.

A nan gilashin ya yi aikinsa. Haruffan murfin sun nutse cikin ƙarfe da zurfi iri ɗaya, bakinsu a tsabtace, kuma ƙurjin da shekaru suka bari ya bi ta kansu kamar yadda ya bi sauran wurin. A jabu da yawa rubutun samansa kawai aka ƙona, sai ka ga ɗige-ɗige a cikin harafi, launinsa toka-toka, idan ka shafa farce ba ka jin komai. Murfin dai ya gamsar da ni. Amma a gefensa, cikin ramukan da makulli ke kamawa, na ga sabon ƙurji mai sheƙi har biyu. An buɗe agogon, kuma ba da daɗewa ba. Wannan shi kaɗai ba laifi ba ne, agogo mai shekaru dole a buɗe shi don wanki da mai, sai dai ya saɓa da abin da mai sayarwa ya faɗa.

Daga nan na juyo fuska. A ido kawai komai daidai yake: baƙar fuska, alamun awa masu zagaye, alwatika a kan 12, tagar rana da kwanan wata a kan 3, DIVER'S 200m da ruwan lemo. Hannun daƙiƙa ma yana da ɗigon haskensa a wutsiya, ba a baki ba, kuma haka na asalin yake. Da gilashi sai labari ya canza. Bugun Seiko yana da kaifi, fentin ya ɗan tashi kaɗan, kowane harafi da bakinsa. A wannan kuwa ƙafafun haruffan SEIKO sun yi kauri, cikin O ya ɗan cushe, kuma fentin da ke haske cikin duhu ya zarce farin da'irarsa a kan alamar 8, ya gaza cika ta a kan 4.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne rubutun kansa. SKX007 iri biyu ne a kasuwa, mai J da mai K a ƙarshen sunansa, wato SKX007J da SKX007K. Mai J yana da 21 JEWELS, wato adadin ƙananan duwatsun da ke cikin inji, a ƙasan rubutun zurfin ruwa, da MADE IN JAPAN cikin ƙananan haruffa can ƙasa kusa da 6. Mai K ba shi da 21 JEWELS. Wannan fuskar tana ɗauke da 21 JEWELS, amma da na leƙa layin ƙasa ba MADE IN JAPAN. Wanda ya buga ta ya ɗauko rabi daga nan, rabi daga can. Wannan layin na ƙasa ƙanƙane ne ƙwarai, ba gilashi ba za ka karanta shi ba, kuma ni a ganina shi kaɗai ya biya wahalar sayen gilashin.

Akwai abin da mutane ke kamawa su ce jabu ne alhali ba hujja ba ce. Zoben ciki mai layukan minti yakan ɗan goce daga alamun awa a SKX na asali, har masu tara agogo sun saba da hakan. Wanda ya ƙi agogo don wannan kawai yana iya ƙin gangariya, ya je ya rungumi jabun da aka daidaita tsaf.

Hukuncin ƙarshe kan saiti ne ya yanke shi, wato ɗan ƙarfen gefe da ake murzawa a gyara lokaci, kuma a nan yatsu sun fi gilashi amfani. A SKX007 kan yana wajen 4, na murɗawa ne ya kulle, kuma samansa fayau yake ba tambari. Idan ka ga S ko wani zane a kai, to an canza shi. Wannan ba tambari, wurinsa ma daidai. Na kwance shi, na murza kafin in ja, sai na ji ƙaramin kar-kar da ɗan nauyi a yatsa, alamar ana yi wa agogon wani, wato ana cika shi. Na ja shi zuwa mataki na ƙarshe, hannun daƙiƙa ya tsaya cak. Injin 7S26 ba ya yin ko ɗaya cikin biyun. Ba a yi masa wani da hannu, motsin hannun mai ɗaura shi kawai ke cika shi, kuma daƙiƙarsa ba ta tsayawa idan an ja kan. Duk wanda ya san wannan zai gane cikin rabin minti cewa injin da ke ciki ba shi ne wanda aka rubuta a murfi ba.

Na kai wa mai gyara ya buɗe. A jikin faifan ƙarfen da ke lilo a bayan inji an rubuta NH36, mai duwatsu 24, alhali fuska na cewa 21. Adalci dai a faɗa: NH36 daga gidan Seiko yake fitowa, ana sayar wa wasu masu haɗa agogo, kuma mutane da yawa da gangan suke sa shi a SKX don samun wani da hannu. Inji ne mai kyau. Amma abin da ke hannuna haɗe-haɗe ne, gida na asali, fuska ta kwaikwayo, inji na canji, kuma ba haka aka ce min ba. Ga kuma batun ruwa. Mita 200 da ke rubuce alkawari ne na agogon da robobinsa na tare ruwa ke lafiya, wanda aka buɗe aka canza masa kaya kuwa sai an sa shi a na'urar gwajin matsi kafin a yarda da shi. Na mayar wa mai shi.

Tsarin bai tsaya ga Seiko ba, amsoshin ne ke bambanta. Yawancin Rolex murfin bayansu fayau yake ba rubutu, tambarin kambi yana kan saiti, kuma ɗan kumburin gilashi da ke kan kwanan wata yana ƙara girmansa sau biyu da rabi. Saboda haka Rolex mai cike da zane a baya abin tuhuma ne, kamar yadda Seiko marar lamba a baya yake. Gilashin ba zai gaya maka waɗannan ba, sai ka riga ka san abin da ya kamata samfurin ya ɗauka, ko ka ajiye hoton na asali mai kyau a gefe kana gwadawa. Kuma jabun manyan agogo masu tsada sun kai matsayin da bugun fuskarsu ke tsallake sau goma lafiya lau, waɗannan sai an buɗe inji a gaban wanda ya san shi.

Korafina a kan gilashin kaɗan ne. Ƙusar da gidansa ke juyawa a kai ta saki da wuri, sai na riƙa ɗaure ta. Batiran fitilar ƙanana ne kuma ba sa jimawa, abin da bai dame ni ba tunda ba na kunna ta. Gilashin kansa kuwa garau yake har kusa da gefe, ba ya sa wa farin rubutu shuɗin baki kamar masu gilashi ɗaya na roba. Mai niyyar saye ya nemi 10x mai gilasai uku, ya gwada shi a kan takarda mai layi: idan layukan suka lanƙwashe a gefe, ya nemi wani.