Hadisk ya faɗi yana ƙas-ƙas: manhaja ko wurin ƙwararru?

"Jama'a, hadisk ɗina na waje mai 1TB ya faɗo daga tebur yana cikin aiki. Yanzu in na jona shi sai ya riƙa ƙas-ƙas, kwamfuta ta gan shi, can kuma ya ɓace. Hotunan bikin mutane ne a ciki, ba ni da kwafi. In sayi manhajar dawo da fayil ko in kai wa ƙwararru?"

Malam, fara cire shi daga kwamfuta, kada ka ƙara jona shi ko da don gwaji ne. A cikinsa akwai faranti mai juyawa, a irin naka galibi sau 5,400 a minti, da allurar karatu da ke shawagi a samansa, tazarar da ke tsakaninsu ko ƙwayar ƙura ba ta shiga. In ya faɗi yana aiki, allurar kan bugi farantin ta lanƙwashe. Ƙarar da kake ji hannun allurar ne ke fita neman bayanan tashi, ya rasa, ya koma, ya sake fita. Duk fitar da zai yi yana iya kankare fentin maganaɗisun da hotunan ke kai, kuma wurin da ya kankaru babu mai dawo da shi a duniya.

Manhajoji irin su Recuva, PhotoRec, TestDisk da R-Studio suna da amfani sosai in na'urar lafiyarta ƙalau, wato an goge fayil bisa kuskure ko an yi fomatin. Aikinsu shi ne su sa allurar ta bi farantin kaf, awa da awanni, shi ya sa a halin da kake ciki su ne mafi haɗari. Haka ma chkdsk, umarnin gyaran hadisk na Windows, domin yana rubutu a kan hadisk ɗin. In Windows ta ce ka yi fomatin, ƙi.

Wurin ƙwararru kuwa ta gyaran ƙarfen ake farawa. Ana buɗe murfin a teburi mai tace iska, a duba farantin da allurar da madubin ƙara girma. In allurar ce ta mutu, sai a nemo wani hadisk lafiyayye mai lamba iri ɗaya, wanda aka ƙera kusan lokaci guda, a ciro tasa a dasa. Daga nan a jona shi da na'ura irin PC-3000, wadda ke iya kashe allurar da ta raunana, tunda allurar ba ɗaya ba ce, a kwashe abin da sauran ke karantawa tukuna, a bar wurin rauni sai ƙarshe. A kan wannan kwafin ake tono fayiloli. Tsadar daga nan take: sayen hadisk ɗin da za a sadaukar, wani lokaci fiye da ɗaya, ga kwanakin aiki. Kuɗin yakan ninka na sabon hadisk, kuma in farantin ya karce sosai su ma ba za su samo komai ba.

Akwai yanayin da aikin gida ya halatta, amma ba naka ba. In hadisk yana juyawa shiru, yana nuna girmansa daidai, sai dai nauyi da maƙalewa, duba shi da CrystalDiskInfo. Idan layukan 05 da C5 sun nuna adadi, sassan faranti sun fara lalacewa. A nan sai a ɗauki kwafinsa da ddrescue a Linux zuwa wani hadisk da ya fi shi fili:

```
sudo ddrescue -n /dev/sdb kwafi.img kwafi.map
```

Alamar -n tana sa ya kwashe wurare masu sauƙi ba tare da nacin karanta munanan ba, fayil ɗin kwafi.map kuma yana riƙe inda aka tsaya ko da wuta ta ɗauke. Tabbatar da umarnin lsblk tukuna cewa /dev/sdb ne sunan hadisk ɗin. Manhajar dawo da fayil sai a sa ta aiki a kan kwafi.img. Da zarar an ji ƙara, a tsaya.

Shawarar sa shi a firji tana ba ni takaici, don raɓa ce za ta kwanta a kan farantin. Canja fanel, wato allon lantarkin da ke jikin hadisk, ma ba ya maganin faɗuwa, kuma galibi fanel yana da aisin ROM, ƙaramin guntu mai ɗauke da saitin wannan hadisk ɗin kaɗai, dole a ɗauko shi a mayar kan sabon.

Naka dai na ƙwararru ne, tunda amanar mutane ce a ciki. Amma ba kowane shago mai allon dawo da bayanai ne ke da kayan aikin ba. Tambaye su inda suke buɗe murfi, ko suna dasa allura da kansu, da ko za su nuna maka jerin fayilolin da suka samo kafin ka cika kuɗi. Wanda ya jona shi a kwamfutar kan kanta bayan ka ce masa yana ƙara, karɓi kayanka. Ka gaya musu gaskiyar sau nawa ka kunna shi bayan faɗuwar, ka rubuta sunayen folodin bukukuwan da suka fi gaggawa don a fara da su, sannan ka naɗe shi cikin soso a kwali kafin ka kama hanya.