Taransifomarmu tana zafi alhali ba ta cika lodi ba: abin da masu awo suka gano

Masana'antar roba nake kula da wutarta a Sharaɗa, Kano. Taransifomarmu mai kVA 500 ce, cikakken lodinta amfiya 696 a kan bolt 415. Mita ba ta taɓa wuce 650 ba, amma tankin ba ya taɓuwa da rana, ga gunji, ga fis ɗin kafasito da muke ta canzawa. Shi ya sa muka ɗauko wani kamfanin awon ingancin wuta.

Na'urarsu ta kwana bakwai maƙale a babban fanel. Ta nuna THD na karan, wato ma'aunin gurɓatarsa, kashi 33 cikin ɗari, yawancinsa hamonik na biyar, wato karan mai hez 250, ninki biyar na hez 50 ɗin wutarmu, sai na bakwai. Injinan sarrafa gudun mota mai juya na'urori ne ke haifar da su, domin ba sa jan wuta sumul, fizgarta suke yi. Injiniyan ya yi mini bayanin da ya zauna mini: asarar da ke zagaye cikin wayar taransifoma tana ƙaruwa ne da murabba'in lambar hamonik. Amfiya ɗaya a na biyar tana jawo irin wannan asarar sau 25 na amfiyar hez 50. Mita kuwa jimla kawai take gani.

Da lissafin ƙa'idar IEEE C57.110 suka ce mu ɗauke ta a matsayin mai kVA 445, kimanin amfiya 620. Ashe mun daɗe muna ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta.

Inda kuɗina ya halatta shi ne maganar kafasito. Namu kvar 250 ne, kuma haɗuwarsa da wannan taransifoma ta faɗa daidai kan hamonik na bakwai, yana ƙara kumbura shi. Fis ɗin ba jabu ba ne, na zargi mai shago a banza.

Fara'ar injiniyan ta koma kan tacewa mai lantarki, wadda ke auna hamonik ta tura kishiyarsa. Tana aiki, amma tsadarta ta fi ƙarfinmu, kuma su ne dillalanta. Tacewa mai kama na biyar kaɗai ta fi araha, sai dai lodinmu ba ya tsayawa wuri guda. Muka sa riyakta, wato naɗaɗɗiyar waya mai dakushe hamonik, ta kashi 3 gaban kowane inji, ta kashi 7 kuma gaban sababbin kafasito masu jure ƙarin bolt. Fis bai sake ƙonewa ba.

Ƙorafina biyu. Ba mu da takardar gwajin taransifomar, sai suka ƙiyasta asarar da ke zagaye cikin wayarta da kashi 10, suka ɓoye hakan a shafin ƙarshe, alhali 445 ɗin a kansa ya dogara. Sannan ba su auna lokacin janareta ba, inda bolt ya fi gurɓata, mu kuwa rabin aikinmu a kansa ne. Sai da na matsa suka dawo, da ƙarin kuɗi.