Waya ce ko kwamfuta? Abin da saƙon farko ke nunawa

"Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina taimaka wa ɗalibai cika fom ta intanet, saƙonni kuma suna shigo min ta WhatsApp da ta akwatin hira na shafinmu. Sai in gama rubuta wa mutum matakan kwamfuta, ashe waya ce a hannunsa. Ta yaya zan gane tun daga saƙon farko? Idan ban gane ba, wanne zan ɗauka?"

Wa alaikumus salam, Malama. Ki ɗauka waya ce har sai saƙon ya nuna miki akasin haka. Ina da shagon buga takardu da cika fom, kuma da wannan nake aiki. Dalilina mai sauƙi ne: amsar da aka tsara wa waya tana karantuwa lafiya lau a kwamfuta, amma wadda aka tsara wa kwamfuta, da jadawalinta da dogayen layukanta, takan watse a ƙaramin allo har mutum ya rasa inda ya tsaya.

Kada ki jira WhatsApp ya gaya miki. Tun 2015 da aka fito da WhatsApp Web, mutum na iya rubuto miki daga burauzar kwamfuta, kuma babu wata alama da za ta bayyana a gefen saƙon ta ce daga can ya fito. Saboda haka a jikin saƙon za ki nema.

Idan akwai hoto, fara da shi, domin ya fi duk sauran alamomin ƙarfi. Hoton allon waya dogo ne a tsaye, kamar 720 da 1600 ko 1080 da 2400, kuma a samansa za ki ga agogo da batir da sandunan sabis, sau da yawa na layi biyu. Na kwamfuta a kwance yake, 1366 da 768 ko 1920 da 1080, ana ganin shafukan da aka buɗe a jere a sama da sandar Windows a ƙasa. Idan ta akwatin shafinku aka ɗoro fayil ɗin, ko aka turo shi a matsayin takarda, sunansa ma yana magana. Waɗannan biyun na Android ne:

```
Screenshot_20240312-101530.png
IMG-20240312-WA0007.jpg
```

Waɗannan kuwa kwamfuta ce ta raɗa musu suna:

```
Screenshot (12).png
WhatsApp Image 2024-03-12 at 10.15.30.jpeg
```

Na ƙarshen nan shi ne sunan da hoto ke samu idan an sauke shi daga WhatsApp na kwamfuta, don haka da na gan shi na san mutumin yana zaune gaban babban allo, ko aƙalla fayil ɗin ya ratsa ta can.

Idan ba hoto, sai a duba irin kuskuren rubutun, wanda mu masu Hausa muke da sa'a a kansa. Madannan waya da aka bari a Turanci suna gyara kalma da kansu, su cire ta ɗungum su sa wata ta Turanci mai kama da ita. Shi ya sa za ki ga "ina so" ya koma "in a so", ko wata kalmar Turanci da ba ta da alaƙa da zancen ta faɗo tsakiyar jimla da haruffanta cif. Burauzar kwamfuta yawanci ba ta yin haka. Iyakarta ta ja jan layi a ƙarƙashin kalmar, ta bar ta yadda aka buga. Kuskuren mai kwamfuta na yatsu ne: haruffa biyu su musanya wuri, "makaranta" ta zama "makarnata", ko saƙon gaba ɗaya ya zo da ƙananan baƙaƙe saboda bai damu da danna Shift ba. Waya kuwa ita ke ɗaga harafin farko na kowace jimla, ta kuma sa aya idan an taɓa tazara sau biyu. Saƙon da Hausarsa ta gaggawa ce amma kowace jimla ta fara da babban baƙi, kusan kullum daga waya yake.

Haruffa masu ƙugiya ma shaida ne. Gboard, madannan waya na Google, yana da Hausa, kuma wanda ya kunna ta yana samun ƙ da ɗ da ɓ ba tare da wahala ba. Windows ma yana da tsarin madannan Hausa, sai dai masu kunna shi kaɗan ne, yawanci marubuta da masu fassara. Ɗalibin da ya rubuto "kuɗin makaranta" da ɗ ɗinta, na fi kyautata zaton waya ce. Rashin ƙugiyar dai ba ya nuna komai, tunda mutane da yawa ba sa sa ta ko a ina suke rubutu. Akwai kuma wata ƙaramar alama ta masu iPhone: tun iOS 11 da ya fito a 2017, wayar tana lanƙwasa alamar da muke sawa a "sana'a" da "jami'a", alhali burauzar Windows miƙaƙƙiya take bugawa. Amma a yi hattara, rubutun da aka kwafo daga Word shi ma lanƙwasasshiya yake ɗauke da ita.

Siffar saƙon tana biye da haka. Mai waya yakan yi sallama ya tura, ya ce "don Allah ina da tambaya" ya tura, sannan tambayar ta zo a saƙo na uku, wani lokaci da saƙon murya a bayanta. Mai kwamfuta yakan zuba komai a dunƙule ɗaya, ya liƙa lambar rajista da cikakken rubutun matsalar da shafin ya nuna masa, saboda kwafa da liƙawa ba sa ba shi wahala. Ki kuma saurari kalmomin da yake amfani da su. "Na taɓa wurin bai buɗe ba", "datata ta kusa ƙarewa", "cajina saura kaɗan", duk bakin mai waya ne. Saƙon murya ana iya naɗarsa a kwamfuta, amma da wuya ɗalibi ya yi hakan. Wurin da mutum yake kai tsaye, wanda taswira ke binsa yana tafiya, wannan daga waya kawai ake turo shi.

Akwai wani yaro da ya rubuto min da dare, kuma saƙonsa ne nake koya wa yaran shagona aikin da shi. Sallama ta zo ita kaɗai. Bayanta "Baba in a son saka hoto na yaƙi shiga". Na uku hoto. Duk alamun rubutun na waya ne: guntaye uku, babban baƙi a farko, "ina" da aka raba biyu. Amma hoton ba na allon waya ba ne. Da kyamara aka ɗauki fuskar laftof, a ɗan karkace, ga gefen madannai a ƙasa, ga kuma layukan nan masu kama da igiyar ruwa da ke fitowa idan an ɗauki allo da kyamara. A jikin shafin an rubuta cewa hoton kada ya wuce 200KB.

Wato hira a waya yake yi, matsalar kuwa tana kan laftof. Da na bi rubutun kawai, da na tura masa yadda ake rage hoto a Android, abin da ba zai amfane shi da komai ba. Sai na raba abin biyu: siffar amsar ta waya, matakan na Windows. Saƙo ɗaya mataki ɗaya. Ya buɗe hoton da Paint. Ya danna Resize, ya mayar da 100 zuwa 30. Ya adana ta Save as, ya zaɓi JPEG. Ya duba nauyin fayil ɗin, idan bai sauko ba ya sake ragewa. Ban tura masa adireshin wani shafi ba, domin da sai ya riƙa kallon waya yana kwafar dogon adireshi harafi harafi zuwa laftof. Bayan ɗan lokaci ya turo hoton shafin ya karɓa, da saƙon murya na mahaifiyarsa tana ta sa albarka. Na ji daɗin wannan daren ƙwarai, don washegari ne za a rufe shafin. Tun daga nan tambaya biyu nake yi wa kowane saƙo: a ina yake karanta amsata, kuma a ina aikin ya tsaya masa?

Shi kuwa akwatin hira na shafi, na taɓa biyan kuɗin shekara na wani mai nuna na'urar baƙo, kuma ban sabunta ba. Yana aiki dai, ba zan ce ba ya yi ba. Yana karanta bayanin da burauza ke aikawa game da kanta, wanda ake kira `User-Agent`: in akwai `Mobi` a ciki waya ce, in akwai `wv` shafin a cikin wata manhajar Android aka buɗe shi, `FBAV` kuma na nufin daga cikin Facebook aka shigo. Sai dai wanda ya kunna Desktop site a Chrome na wayarsa zai fito a matsayin kwamfuta, iPad ma tun 2019 yana gabatar da kansa a matsayin Mac. Kuma ba ya ganin komai a WhatsApp, inda mafi yawan mutanena suke. In naki akwatin yana nuna wannan kyauta, ki duba, amma kada ki ƙara kuɗi dominsa.

Wuri ɗaya da duk alamun rubutu ke ɓacewa shi ne saƙon da ke kika rubuta da kanki. Idan kin sa adireshin `wa.me` mai ɗauke da `?text=` a tallarki, wato wanda ke buɗe hira da ke a WhatsApp da rubutu a shirye, saƙon farko zai zo tsaf da kalmominki, mutumin tura shi kawai ya yi. Haka ma wanda aka yi masa alamar an turo shi daga wani. A nan ki jira saƙo na biyu.

Ba ki tambaya ba, amma dole in faɗa, don masu irin aikinmu ake farauta. Akwai masu tallar manhaja da suke cewa za ta nuna miki irin wayar mai rubuto miki da unguwar da yake. Ƙarya ce, WhatsApp na gaskiya ba ya ba wa kowa wannan. Wasunsu GB WhatsApp ne ko ire-irensa za su saka miki, wanda kamfanin ya bayyana cewa ba nasa ba ne kuma yana iya rufe layin da ke amfani da shi. Wasu kuma za su ce ki karanto musu lamba shida da ta shigo miki, ko ki ɗauki hoton wata alamar QR "don a haɗa". Wanda ya samu lambar ya ƙwace asusun, wanda kika ɗauki alamarsa kuma yana karanta duk hirarki daga kwamfutarsa, har da takardun ɗaliban da suka amince miki. Ki shiga Linked devices yau ki duba, duk na'urar da ba ki gane ba ki fitar da ita.

Don haka ki tsara amsarki ta farko don waya: layi uku ko huɗu, ba jadawali, mataki ɗaya a kowane saƙo, kalma mai muhimmanci tsakanin taurari biyu kamar `*haka*` don ta yi kauri a WhatsApp. Idan saƙon ya zo ba hoto kuma alamun sun ci karo da juna, kada ki tambaye shi wace na'ura yake amfani da ita, domin zai ce waya ko da fom ɗin a laftof yake. Ki ce masa: "Turo min hoton inda abin ya tsaya maka."